Gani, Ji da Ashe: Yadda Ake Fassara -di da -miş na Turkanci Zuwa Hausa da Ingilishi

Baturke ba ya iya cewa "Ahmet ya zo" ba tare da ya nuna maka ta wace hanya ya san hakan ba. Ko dai ya ce *Ahmet geldi*, ko ya ce *Ahmet gelmiş*. Na farkon yana nufin mai magana ya tsaya a kan zancensa, galibi domin a gabansa aka yi. Na biyun yana nufin zuwan bai faru a kan idonsa ba, daga baya labarin ya iske shi. Babu hanya ta uku da zai bi ya kauce wa zaɓin, domin abin a jikin aikatau yake, a ɗafa-ƙeyar da ke nuna shuɗaɗɗen lokaci. Tun ƙarni na 11 Mahmud al-Kashgari ya yi bayanin wannan bambanci a ƙamus ɗin harsunan Turkawa da ya rubuta da Larabci, kuma har yau a makarantun Turkiyya ana koya wa yara sunayensu biyu: *görülen geçmiş zaman*, wato lokacin da ya wuce wanda aka gani, da *duyulan geçmiş zaman*, wanda aka ji.

Waɗannan sunaye su ne ke jefa mai fassara cikin rami. Da zarar ɗalibi ya ji an ce "wanda aka ji", sai ya ɗauka ko'ina ya ga -miş "wai" zai sa, ko *reportedly* in Ingilishi yake rubutawa. Sau da yawa hakan kuskure ne. Ɗafa-ƙeyar guda ɗaya ce, amma tana ɗauke da abubuwan da Hausa ta raba wa kalmomi daban-daban: "an ce", "wai", "da alama", "ashe", wani lokacin ma ba komai. Aikinka shi ne ka gano wanne ake nufi a kowace jimla, kuma ga yadda ake yi.

Da farko, ka iya gane su a rubuce

Wasalin ɗafa-ƙeya a Turkanci yana bin wasalin ƙarshe na kalmar da ya manne wa. Saboda haka -miş fuska huɗu gare shi. Bayan e ko i, *-miş* ne, kamar *gelmiş*. Bayan a ko ı marar ɗigo, *-mış* ne, kamar *almış*. Bayan o ko u, *-muş*, kamar *okumuş*. Bayan ö ko ü, *-müş*, kamar *görmüş*. Harafin ş "sh" ɗinmu ne, don haka "mish" za ka ji a bakin mai magana.

Shi kuwa -di fuska takwas gare shi, domin ban da wasulan nan huɗu, d ɗinsa yana komawa t idan ya biyo bayan ç, f, h, k, p, s, ş ko t. Shi ya sa ake cewa *geldi* da *gördü*, amma *gitti* da *baktı*. Alamar mai aikatawa tana zuwa a bayansu: *geldim* na zo, *geldin* ka zo, *geldik* mun zo, sannan *gelmişim*, *gelmişsin*, *gelmişiz*. Korewa tana shiga kafin su: *gelmedi*, *gelmemiş*.

Ka kuma kula da kalmomin da suka ƙare haka alhali ba ruwansu da zancenmu. *Altmış* sittin ne, *gümüş* azurfa ce, *yetmiş* kuma a yawancin wurare saba'in ne. *Dolmuş* ita ce ƙaramar motar haya da ake cikawa da fasinja kafin ta tashi.

Na biyu, ka ware -miş ɗin da ba ya ɗauke da jita-jita ko kaɗan

Wannan mataki shi ne ya fi rage wa mutum aiki, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwai wurare uku da -miş yake bayyana ba tare da ya ce komai game da inda labari ya fito ba.

Idan ya zo gaban suna yana siffanta shi, siffa ce kawai. *Kullanılmış araba* mota ce ta hannu, wadda aka yi amfani da ita. *Pişmiş et* dafaffen nama ne. A nan Hausa tana da abin da ya yi masa daidai, wato irin su dafaffe, wankakke, karyayye, shuɗaɗɗe. Ba a cewa "naman da aka ce ya dahu".

Idan -ti ya biyo bayansa ya zama *-mişti*, to lokaci ne da ya riga wani lokaci wucewa. *Ben vardığımda tren kalkmıştı* yana nufin "ko da na isa, jirgin ya riga ya tashi", a Ingilishi *the train had left*. Mai maganar ya tsaya a kan zancensa sarai. Kalmarka a nan ita ce "riga".

Na ukun shi ne *-miştir*, kuma wannan yana da fuska biyu da suka yi hannun riga. A takardar hukuma, ko sanarwar da aka manna a ƙofar ofis, ko wasiƙar jami'a, shi ne mafi ƙarfin tabbaci. *Toplantı iptal edilmiştir* na nufin "an soke taron", magana ta ƙare. Ɗalibin da ya karanta irin wannan a wasiƙar makaranta ya ɗauka raɗe-raɗi ne, zai yi asara. Amma a hira ta baki, *-miştir* ƙiyasi ne na hankali. Uwa ta dubi agogo ta ce *Ahmet eve varmıştır*, nufinta "i yanzu dai Ahmet ya kai gida". Ba wanda ya gaya mata, ba ta ga wata alama ba, lissafin tafiyar kawai ta yi. Don haka ka dubi inda jimlar take kafin ka zaɓa: takarda ce ko baki.

Na uku, ka duba ko ya manne wa saiwar aikatau ne, ko ya hau kan wani abu

Idan -miş ya manne kai tsaye ga saiwar aikatau, kamar *gelmiş*, yana yin aiki biyu: yana cewa abin ya wuce, yana kuma cewa ba a gaban mai magana aka yi ba. Amma akwai ɗan'uwansa da ke hawa kan suna, ko siffa, ko aikatau da ya riga ya ɗauki wani lokaci. Asalinsa kalmar *imiş* ce, kuma idan ya biyo bayan wasali sai y ta shiga tsakani: *hastaymış*, *evdeymiş*, *geliyormuş*, *gelecekmiş*, *gelirmiş*. Masu nahawun Turkanci suna kiran irin wannan haɗi *rivayet*, kalmar da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa, ruwaya ce.

Abin lura shi ne wannan na biyun ba ya nuna lokaci. *Ali hastaymış* yana iya zama "an ce Ali ba shi da lafiya" a yanzu, yana kuma iya zama "an ce a lokacin ba shi da lafiya". *Yarın gelecekmiş* kuwa gobe ake magana: "wai gobe zai zo". Na sha ganin fassarar da ta mayar da irin wannan jimla baya saboda an haddace cewa -miş shuɗaɗɗen lokaci ne, sai ga mutumin da ake jira gobe an ce ya zo jiya. Lokacin yana cikin abin da ke gaban -miş, wato -yor ko -ecek ko -ir, ko kuma cikin sauran zancen. Ga masu aiki da sauti, kamar masu ɗora murya a fim, akwai ƙarin alama: a *gelmiş* nauyin murya kan -miş yake sauka, a *hastaymış* kuwa yana sauka kafin a kai gare shi.

Na huɗu, ka tambayi kanka: ta yaya wannan mutum ya sani?

Nan ne ainihin aikin yake. A shekarar 1982 masana harshe biyu, Dan Slobin da Ayhan Aksu, sun ɗauki jimla ɗaya, *Kemal gelmiş*, suka nuna ana iya faɗinta a yanayi uku. Wani ya gaya maka Kemal ya zo. Ko kuwa ka shiga gida ka ga rigarsa a rataye, shi ba ka gan shi ba. Ko kuma ka buɗe ƙofa ka gan shi tsaye alhali ba ka yi tsammaninsa ba. A na ukun nan idonka na kansa, amma duk da haka -miş za ka ce. Abin da ya haɗa ukun shi ne hankalinka bai bi aukuwar abin ba tun daga farkonsa, sakamakonsa kawai ya tarar da kai. Idan ka riƙe wannan, sauran duk zai zo da sauƙi.

Mu ɗauki yanayin ji tukuna. Hausa tana da kalmomi uku a nan, kuma ba ɗaya suke ba. "An ce" ita ce ta tsaka-tsaki, ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba. "In ji wane" ana sa ta idan an san mai zancen. "Wai" kuwa tana da ɗan kaifi: sau da yawa tana janye mai magana daga zancen, har ta kan nuna bai yarda ba. Shi -miş na Turkanci a karan kansa ba ya nuna shakka. Wanda ya ce *Ayşe evlenmiş* ya gaskata cewa Ayşe ta yi aure, bai dai halarci bikin ba ne. Saboda haka "na ji Ayşe ta yi aure" ko "an ce Ayşe ta yi aure" ya fi dacewa, a Ingilishi *I hear Ayşe got married*. Idan ka rubuta *allegedly* ko *supposedly*, ka saka wa mutumin zargin da bai yi ba.

To yaushe "wai" ke zama daidai? A wurare biyu. Na farko idan Baturken da kansa ya nuna shakka, ta hanyar ƙara *güya* ko *sözde*, ko ta ninka ɗafa-ƙeyar ya ce *gelmişmiş*. *Güya hastaymış* shi ne "wai shi ba shi da lafiya", da irin muryar da kowa ya san ma'anarta. Na biyu shi ne isar da saƙo. Yaro ya zo ya ce *Annem çağırıyor, eve gelecekmişsin*. Duk ɗan aiken Hausa ya san wannan: "Mama na kira, wai ka zo gida." A nan "wai" ba ta da wani kaifi, kuma ta fi Ingilishi kama ma'anar, domin shi sai ya zagaya ya ce *Mum says you're to come home*.

Sai na alama. Ka tashi da safe ka ga ƙasa a jiƙe, ka ce *Gece yağmur yağmış*. Littattafan koyarwa kan ba da *it must have rained* ko *it seems it rained*, a Hausa "da alama an yi ruwa da dare". Wannan ba laifi, amma ka auna ƙarfin alamar. Idan tsakar gida duk ruwa ne kwance, Bahaushe ba ya cewa "da alama", cewa yake "ashe an yi ruwa da dare", ko ma "an yi ruwa da dare" kawai. "Da alama" tana rage tabbaci, alhali Baturken ba ya kokwanto. Ka ajiye ta don inda ya ƙara *galiba* ko *herhalde*, ko inda alamar da gaske ba ta yanke hukunci ba.

Na ukun, wato na mamaki da farga, shi ne inda Hausa ta fi kowa sa'a, domin "ashe" kamar don wannan aka yi ta. *Ne kadar büyümüşsün!* shi ne abin da goggo ke cewa yaron da ta daɗe ba ta gani ba: "Kai, ashe haka ka girma!" Wanda ya ɗanɗana abinci ya ce *Çok güzel olmuş*, yabo yake yi: "Kai, ya yi daɗi sosai." Idan ka fassara shi da "an ce ya yi daɗi", ka mayar da yabo cin fuska, domin mutumin cokali na hannunsa. Idan ka ga *meğer* ko *meğerse* a farkon jimla, kada ka yi dogon tunani, "ashe" ce, kuma kusan kullum -miş na biye da ita. Ingilishi ba shi da kalma guda a nan. Sai ya yi amfani da *it turns out*, ko *so*, ko alamar motsin rai kawai.

Daga wannan ne ake gane -miş na mai magana da kansa, wanda ke rikita masu koyo. Ta yaya mutum zai ji labarin abin da shi ya yi? *Uyuyakalmışım* ba ya nufin "an ce na yi barci". Yana nufin barcin ya ɗauke shi bai sani ba, sai da ya farka ya gane: "ashe barci ya kwashe ni". *Unutmuşum*, "ashe na manta", ko "af, na manta". Kwatanta shi da *unuttum*, "na manta", wanda amsa laifi ne a fili. Bambancin ƙarami ne a ido, amma a wasan kwaikwayo shi ke nuna ko mutum na neman uzuri ne ko yana karɓar abin da ya yi. Sai dai idan zancen ƙuruciya ne, kamar *Bebekken çok ağlarmışım*, to ji ne na gaske: "an ce ina jariri na cika kuka".

Na biyar, kada ka ɗauka -di rantsuwa ce cewa an gani da ido

Kuskuren ɗaya ɓangaren shi ne a riƙa cusa "da idona" duk inda aka ga -di. Littafin tarihi zai ce *Cumhuriyet 1923'te ilan edildi*, an ayyana jamhuriya a 1923, ko *Atatürk 1938'de öldü*, Atatürk ya rasu a 1938, kuma marubucin ba a haife shi ba a lokacin. Mutum kan ce *İzmir'de doğdum*, a Izmir aka haife ni, ko da yake ba ya tuna ranar. Abin da -di ke cewa shi ne wannan magana ta zauna a wurina, na ɗauke ta tabbas. Shi ya sa labarin da mutum ya fara bayarwa da -miş ranar da ya ji shi, bayan kwanaki idan ya zama sanannen abu sai ka ji ya koma -di.

Haka ma jaridu. Suna ba da labari da -di, sannan su nuna majiya da kalmomi na daban, irin su *bildirildi*, an sanar, da *iddia edildi*, an yi zargi, da *öğrenildi*, an samu labari. Fassarar -di a Hausa ita ce shuɗaɗɗen lokaci tsurarsa: ya zo, ta tafi, an soke. Idan ana jayayya ne, wani ya ce *gelmemiş* ɗayan ya mayar masa da *geldi*, a nan kaɗai za ka ƙara nauyi: "ai ya zo", ko "ya zo mana".

A tambaya kuwa abin juyawa yake, ya koma kan wanda ake tambaya. *Ahmet geldi mi?* ana yi wa wanda ake zaton yana wurin. *Ahmet gelmiş mi?* ana yi wa wanda ake zaton ji zai yi ko ya duba: "ko ka ji Ahmet ya zo?"

Mu gwada a kan labari guda

Ga wani mai shago yana ba abokinsa labarin abin da ya same shi:

*Dün akşam dükkânı sekizde kapattım. Sabah geldim, kapı açıktı. Hırsız girmiş, kasayı kırmış. Komşuya sordum. Gece ikide bir ses duymuş, pencereden bakmış, iki kişi varmış. Korkmuş, çıkmamış. Polis geldi, kameraya baktık. Meğer kamera üç gündür çalışmıyormuş. Ben de arka pencereyi kilitlemeyi unutmuşum.*

Kafin ka fassara ko kalma ɗaya, ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka rubuta a gefe ko gani ne, ko ji, ko alama, ko farga. *Kapattım*, *geldim*, *açıktı*: duk -di ne, shi ya rufe shagon, shi ya zo, shi ya ga ƙofa a buɗe. Sai murya ta sauya a *girmiş* da *kırmış*. Har yanzu bai yi magana da kowa ba, saboda haka ba ji ba ne. Fasasshen akwatin kuɗi ne a gabansa. Wannan alama ce mai ƙarfi haɗe da firgita, don haka "ashe" ko "sai na tarar" za su ɗauke ta.

*Sordum* ya dawo da mu -di, kuma shi ne mabuɗin abin da ke biye. Tunda ya ce ya tambayi maƙwabci, aikatau biyar ɗin da suka biyo baya, daga *duymuş* zuwa *çıkmamış*, duk bakin maƙwabcin ne. Lura cewa Turkancin bai ce "ya ce" ko sau ɗaya ba, -miş ya ɗauke masa wannan. Kai kuwa dole ka sa. Sannan *geldi* da *baktık* sun dawo da mai shagon cikin abin da ya halarta. *Meğer* ta buɗe farga, kuma *çalışmıyormuş* irin haɗin nan ne da -muş ya hau kan -yor, ga *üç gündür* na cewa kwana uku ke nan abin na gudana. Na ƙarshe, *unutmuşum*, farga ce a kan kansa.

Ga Hausar:

"Jiya da dare ƙarfe takwas na rufe shago. Da safe ina zuwa sai na ga ƙofa a buɗe. Ashe ɓarawo ne ya shiga, ya fasa akwatin kuɗi. Na tambayi maƙwabcina, ya ce shi dai wajen ƙarfe biyun dare ya ji motsi, ya leƙa ta taga ya ga mutum biyu, amma tsoro ya hana shi fitowa. 'Yan sanda suka zo, muka duba kyamara, ashe kwananta uku ba ta aiki. Ni kuma sai a lokacin na farga ban kulle tagar baya ba."

Ga Ingilishin:

*I closed the shop at eight last night. When I came in the morning the door was open. Someone had broken in and forced the till. I asked the neighbour. He says he heard a noise at two, looked out of the window and saw two men, but he was too scared to come out. The police came and we checked the camera. It turns out it hadn't been working for three days. And I realised I'd forgotten to lock the back window.*

Ƙirga ka gani. Turkancin yana da -miş tara. Hausar tana da "ashe" biyu, "ya ce" ɗaya, "na farga" ɗaya. Wannan ba ragi ba ne. Turkanci yana maimaita alamar a kan kowane aikatau domin nahawunsa ya tilasta, ita kuwa Hausa sau ɗaya take kafa ta, sai ta rufe duk abin da ya biyo baya har zuwa inda aka sauya murya. Da ka sa "wai" sau biyar a zancen maƙwabcin, da mai karatu ya ɗauka mai shagon na zargin maƙwabcin da hannu a satar.

Abin da ya wajaba ka tsare shi ne iyakar. Mai karatun Hausa dole ya san inda bakin maƙwabci ya ƙare, inda na mai shago ya dawo. A fassarar da ke sama, "'yan sanda suka zo, muka duba" ya yi wannan aiki, domin "muka" ta dawo da mai magana cikin fage. Idan babu irin wannan kalma, sai ka fara sabon sakin layi, ko ka ƙara "ni kuma". Na kuma sa "shi dai" a bakin maƙwabcin da gangan, saboda haka Bahaushe ke ɗauko maganar wani ba tare da ya saye ta ba.

Inda ake barin sa gaba ɗaya, da inda ba a yarda a bar shi ba

Tatsuniyar Turkawa tana buɗewa da *Bir varmış, bir yokmuş*, kuma daga nan har ƙarshe kusan kowane aikatau -miş ne. Haka barkwancin Nasreddin Hoca, sanannen mai ban dariya a labaran gargajiyar Turkawa. A nan ɗafa-ƙeyar ba ta cewa an ji daga wani takamaiman mutum, tana cewa mun shiga duniyar labari ne. Mabuɗin kaɗai za ka fassara: "ga ta nan, ga ta nanku" idan tatsuniya ce, "wai wata rana" idan barkwanci ne, *once upon a time* a Ingilishi. Daga nan ka ci gaba da "sai ya", "sai ta", kamar yadda ake ba da labari a Hausa. Idan a tsakiyar tatsuniyar wani ya buɗe baki ya yi magana, to maganarsa ta koma ƙarƙashin matakan da muka bi, domin shi a duniyarsa yana da abin da ya gani da abin da ya ji.

Akasin haka shi ne tafinta a gaban ɗan sanda, ko alƙali, ko likita. A nan duk -miş sai an fito da shi, ko da jimlar ta yi nauyi. Wanda ya ce *Mehmet vurdu* ya ce Mehmet ya yi dukan kuma ya tsaya a kai. Wanda ya ce *Mehmet vurmuş* bai ce ya gani ba. Idan tafinta ya mayar da duka biyun "Mehmet ne ya doke shi", ya mayar da mai jin labari shaidar gani da ido, kuma kowa ya san gani ya kori ji. Idan kuma ya ce "wai", ya raunana maganar fiye da yadda mai ita ya yi. Abin da ya dace shi ne "an ce" ko "na ji cewa", a Ingilishi *I was told* ko *apparently*. Idan ba a san ko ji ne ko alama ba, tafinta ya gaya wa mai tambaya cewa sigar da aka yi amfani da ita ta wanda bai halarta ba ce, a tambayi mutumin ta yaya ya sani. A asibiti ma haka: uwar da ta ce *Çocuk düşmüş* tana gaya wa likita cewa yaron ya faɗi ba ta wurin, saboda haka ba ita za a tambaya ta wane gefe ya bugu ba.

Idan kuma daga Hausa kake komawa Turkanci, kamar ɗan kasuwar da ke aika saƙo ga abokin cinikinsa a Istanbul, nauyin ya dawo kanka. "Kaya sun iso Kano" ba ta faɗi ko ka gan su ba, amma Turkancin sai ya faɗa. Idan ka je ka ƙirga katan-katan da hannunka, rubuta *Mallar geldi*. Idan yaron shagonka ne ya bugo ya gaya maka, rubuta *Mallar gelmiş*. Wanda ya karɓi *geldi* zai ɗauka ka duba ka gamsu, kuma idan bayan kwana biyu ka dawo kana cewa katan uku babu, zai tuna maka abin da ka rubuta.